Na biya sama da miliyan ɗaya, bashin bai ragu da ko rabin miliyan ba

Abban Hanifa: Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin lissafi ku duba min wannan, tun jiya kaina ya ɗaure. Bara na karɓi rancen naira miliyan 2 a banki, na ƙaro kekunan ɗinki da janareto a shagonmu na Tudun Wada. Wata 36 aka yi yarjejeniya, ruwa kashi 30 cikin ɗari a shekara, ana cire N84,903 daga albashina duk wata. An cire sau 12, ban taɓa saɓawa ba. Na buga a waya, N1,018,836 ke nan suka fita daga aljihuna. Jiya na shiga reshensu na ce a faɗa min abin da ya saura idan zan biya gaba ɗaya, yarinyar ta duba ta ce kusan N1,531,000. Na ce ta sake dubawa. Ta juyo min da fuskar kwamfutar, wallahi haka yake. To ina sauran kuɗina suka shiga?

Baffa Panteka: Wa alaikumussalam. Barka da zuwa makaranta, Abban Hanifa. Ai haka suke yi, ruwansu suke fara kwashewa tas, sai sun ƙoshi sannan su waiwayi uwar kuɗin. Don in ka mutu ko ka tsere a tsakiya, su dai sun riga sun ci ribarsu.

Umman Khalifa: Anya ba wani wata albashi ya yi latti suka ɗora maka tara ba? Mijin ƙanwata haka ta faru da shi, wata biyu kacal, sai da ya ga abin mamaki.

Abban Hanifa: A'a Hajiya, na bi alat ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ranar 25 ga kowane wata suke cirewa, ko sau ɗaya ba a tsallake ba.

Malam Sani Akawu: Abban Hanifa, kwantar da hankalinka. Na ɗauko takarda na buga, kuma lissafin bankin ya yi kusa ƙwarai da nawa. Ba tara ba ce, ba kuma sata ba. Bari mu bi shi daga watan farko.

Kashi 30 a shekara, in ka raba gida 12, kashi 2.5 ne a wata. Ranar da suka ba ka kuɗin, miliyan 2 cur ke hannunka. Da wata ya cika, ruwan wannan watan shi ne kashi 2.5 na miliyan 2, wato N50,000. Kai kuma N84,903 ka biya. To dubu hamsin ta tafi ruwa, abin da ya taɓa uwar kuɗin N34,903 ne kawai. Bashin ya dawo N1,965,097.

Wata na biyu ba a kan miliyan 2 za a sake lissafa ruwa ba, a kan N1,965,097 ne. Ruwan ya zama N49,127. Abin da kake biya bai canja ba, saboda haka N35,776 ta shiga uwa. Wata na uku ruwa N48,233, uwa N36,670. Ka ga yadda abin ke tafiya: ruwa na sauka kaɗan-kaɗan, kuma duk nairar da ta sauka daga ruwa uwa take komawa, tunda jimlar a daskare take.

In ka bi haka har wata 12, abin da ya shiga uwa N481,508 ne, ruwa ya ci kimanin N537,330. Ragowar bashin N1,518,492.

Baffa Panteka: To Malam ai maganata ka maimaita da lambobi. Ruwa ya fi uwa. Sun fara cin nasu.

Malam Sani Akawu: Baffa, abin da idonka ya gani gaskiya ne, dalilin da ka ba shi ne ban yarda da shi ba. Kai kana ɗauka akwai wani tulin ruwa da aka ajiye gefe, banki ya zaɓi ya fara ɗibarsa. Babu wannan tulin. Ka ɗauke shi kamar haya. A ce ka kama shaguna ashirin a Panteka, kana mayar wa mai su ɗaya bayan ɗaya. A watan farko hayar ashirin za ka biya, domin ashirin ɗin ne a hannunka. Ranar da saura biyu, hayar biyu za ka biya. Ba za ka ce mai shaguna ya yi maka wayo a farko ba. Dubu hamsin ɗin da Abban Hanifa ya biya a watan farko hayar wannan watan ce kaɗai, babu ko kwabo na ruwan shekara ta uku a cikinta.

Ga yadda za ka gane bambancin. Da ruwan shekara ukun suka riga suka kwashe, yau in ya kai musu kuɗi a dunƙule ba zai tsira da komai ba. Amma sauran biya 24 da ke gabansa N2,037,672 ne, su kuma miliyan ɗaya da rabi da 'yan kai suka nema. Sama da dubu 500 ke nan na ruwan da bai riga ya hau kansa ba.

Baffa Panteka: Hmm. Na ji ta haya. Amma wa ya ce dole sai biyan ya zama daidai wa daida duk wata? Su suka tsara shi haka don ya yi musu daɗi.

Malam Sani Akawu: Nan kam kana da 'yar gaskiya, ba dole ba ne. Akwai tsarin da ake raba uwar daidai, N55,556 kowane wata, a ɗora ruwan watan a kai. Da shi aka yi masa, watan farko N105,556 zai biya, ya riƙa sauka har ya kai kusan N56,900 a na ƙarshe. Jimlar ruwansa N925,000, ƙasa da N1,056,500 ɗin da zai biya yanzu. Amma ka tambayi Abban Hanifa ko albashinsa zai ɗauki cirar dubu 105 a lokacin da bai ko fara cin moriyar kekunan ba. Sauƙin da aka yi masa a farko shi ya sa uwar ke jinkirin sauka, jinkirin kuma shi yake biya.

Abban Hanifa: Dubu 105? Da tuwon gidan ma ya gagara. Amma Malam, kai ka ce N1,518,492, ita ta ce kusan N1,531,000. Dubu goma sha biyu da wani abu fa ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Malam Sani Akawu: Kwana nawa tsakanin cirar ƙarshe da ranar da ka je?

Abban Hanifa: An cire ranar 25, na je ranar 5. Watan mai 30 ne, kwana goma ke nan.

Malam Sani Akawu: To ga su nan. Ruwa ba ya jiran ƙarshen wata, kullum yake taruwa. Ɗauki N1,518,492, ka fitar da kashi 30 nata, ka raba gida 365, za ka samu kimanin N1,248 a rana. Sau goma, N12,480. Haɗa da ragowar ka ga ko ba ka isa inda ta faɗa ba. Da ka koma yau ma sai ka tarar ya ƙaru da wata dubu ɗaya da ɗari biyu da wani abu. Shi ya sa in mutum zai rufe bashi ake ce masa ya nemi adadin ranar da zai biya, a rubuce, ba na makon jiya ba.

Wannan lissafin kwana-kwana kuma shi ke sa wani lokaci jadawalin banki ya ɗan saɓa da wanda ka buga a gida. A kan miliyan 2, wata mai kwana 31 ruwansa N50,959, mai 30 kuma N49,315. Saɓanin ɗaruruwa ko dubu ɗaya ba abin tayar da jijiyar wuya ba ne. In ya kai dubbai masu yawa, to akwai wani abu da aka cusa, a tambaya.

Ɗan Poli: Baba Sani, gaisuwa. Ga wanda ke son ya duba da kansa, ko a waya ma Excel ko Google Sheets na yi. A rubuta waɗannan:

```
=PMT(0.025,36,-2000000)
=IPMT(0.025,1,36,-2000000)
=PPMT(0.025,1,36,-2000000)
```

Na farko zai ba ka 84,903, na biyu ruwan watan farko, na uku uwar watan farko. Ka canja 1 ɗin nan zuwa kowane wata kake so. Na gwada yanzu, sai a wata na 9 uwa ta fara rinjayar ruwa, N42,526 da N42,377. Kuma bashin ba ya sauka ƙasa da miliyan ɗaya sai a wata na 22, alhali rabin wa'adin wata 18 ne. Biyan ƙarshe kuwa ruwansa N2,071 ne kacal.

Malam Sani Akawu: Madalla ɗana. Sai dai ka gargaɗe su kada su sa 0.30 a wurin 0.025, kuskuren da kowa ke yi ke nan. Mutum ya sa ruwan shekara a gurbin na wata, ya ga dubu ɗari shida, ya fara salati.

Maman Sultan: Ni dai ina karantawa ina gode wa Allah. Kashi 2.5 a wata ai ya yi yawa. Ni wani ƙaramin bankin 'yan kasuwa na karɓa don saro atamfa, nan Kasuwar Gumi, kashi 1.8 kawai a wata. Kuma babu wannan rikicin, ruwana iri ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe, na san abin da nake biya.

Malam Sani Akawu: Hajiya, kalmar nan taki ta ƙarshe ce ta tsorata ni. Kin ce ruwan iri ɗaya ne kowane wata?

Maman Sultan: Ƙwarai. Dubu 500 na karɓa, wata 12, ruwa N9,000 duk wata.

Malam Sani Akawu: To naki shi ne wanda suke kira filat. Kashi 1.8 ɗin a kan dubu 500 ta asali ake lissafa shi har ƙarshe, kamar ba ki taɓa mayar da ko sisi ba. A watan ƙarshe abin da ya rage a hannunki bai wuce N41,667 ba, amma hayar dubu 500 kike biya. Jimlar ruwanki N108,000. Da irin na Abban Hanifa aka ba ki, kashi 2.5 a kan abin da ya rage, na wata 12, da ruwan bai kai N85,000 ba. Lambar da ta fi ƙanƙanta a takarda ita ta fi tsada a aljihu. In aka juya naki zuwa irin lissafinsa, ya haura kashi 3 a wata.

Maman Sultan: Innalillahi. Ni da nake yi wa maƙwabciyata dariya don nata ya fi nawa lamba. Amma dai su ba su tambaye ni takardar albashi ba, cikin kwana uku suka ba ni.

Malam Sani Akawu: Wannan ma abin dubawa ne, ban ce kin yi wauta ba. Kawai in za ki sake, kada ki tsaya a kan kashi nawa. Ki ce su faɗa miki nawa za su sa a hannunki bayan sun cire kuɗin fom da inshora, nawa za ki biya duk wata, sau nawa. Da waɗannan ukun ake auna rance da rance.

Ustaz Kabiru: Jama'a ina bin maganar tun ɗazu. Ba don in ɓata wa kowa ba, amma duk wannan da ake ta rarrabawa sunansa riba, kuma hukuncinta a bayyane yake a ƙarshen Suratul Baƙara. Muna da mafita a garin nan. Jaiz tun 2012 suka buɗe, kuma Kaduna na cikin rassansu na farko. Kekunan ɗinki da janareto ai kaya ne, da murabaha aka yi, banki ya saya ya sayar maka da riba sananniya, ka biya kaɗan-kaɗan.

Abban Hanifa: Gaskiya ne Ustaz, na san na yi kuskure, matsi ne. Shi ya sa ma nake neman hanyar fita da wuri. Allah ya yafe mana.

Baffa Panteka: Ustaz, tsakani da Allah, in ka haɗa jimla ba kusan ɗaya ba ne? Ni na taɓa tambaya, abin da za a biya a wata bai yi nisa da na sauran ba.

Ustaz Kabiru: Kusancin adadi ba ya mayar da ciniki ya zama rance, Baffa. A murabaha farashin a yanke yake tun ranar ƙulla ciniki, ba ya ƙaruwa don kwanaki sun ƙaru.

Malam Sani Akawu: Hukunci na malamai ne, ba zan sa baki ba. Ta fuskar lissafi kawai zan ƙara abu ɗaya, tunda ya shafi tambayar. Da yake farashin a yanke yake, wanda ya biya da wuri a murabaha ba kai-tsaye ragi ke zuwa masa ba kamar yadda ruwa ke tsayawa a nan. Ana yin rangwame, amma sai mutum ya tambayi yadda suke yinsa kafin ya sa hannu. Amfaninsa kuma, ba za a tashi wata rana a ce an ƙara maka ba.

Oga Danladi Kakuri: Wannan na ƙarshen ni ya ci. Na karɓi nawa a ƙarshen 2023. A 2024 Babban Banki ya yi ta ɗaga ma'aunin ruwansa, daga kashi 18.75 a farkon shekara har 27.5 a Nuwamba. Sai ga saƙo wai an sake duba ruwan bashina. Ashe akwai layin a takardar da na sa wa hannu, ban karanta ba. Abin da ake cira ya ƙaru. Abban Hanifa ka duba taka.

Malam Sani Akawu: Shawara mai kyau. Duk lissafin da na yi a sama ya tsaya ne a kan cewa kashi 30 ɗin bai motsa ba. Kuma ƙarin ruwa ya fi ciwo a farkon bashi, lokacin da uwar ke da nauyi.

Abban Hanifa: Zan dubo ta a daren nan. Malam ga ainihin abin da ya kai ni bankin. Ba ni da miliyan ɗaya da rabi. Amma kwasar adashinmu ta zo kaina, dubu 300. In na zuba musu, akwai amfani ko zuba ruwa a kwando ne?

Malam Sani Akawu: Akwai, kuma lambobinka sun faɗo daidai kamar da gangan. In dubu 300 ta shiga uwa kai-tsaye, ragowar za ta koma N1,218,492. A jadawalinka, sai bayan biya na 18 ya kamata bashin ya sauko N1,218,646. Wato ka tsallake wata shida a tashi ɗaya. Biyan wata shida N509,418 ne, kai kuma dubu 300 ka bayar. Ka tsira da kusan N209,000, ka kuma gama saura wata 18 maimakon 24.

Amma wannan sai in an bar cirar a N84,903 an rage wa'adi. Akwai hanya ta biyu, a bar wata 24 ɗin a rage abin da ake cira, ya dawo kimanin N68,130. Za ka samu sararin kusan N16,770 duk wata, amma ruwan da ka tsira da shi N102,500 ne, rabin na farko. Kowace da ranarta, ya danganta da ko numfashi kake nema yanzu ko fita da wuri.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne su tura kuɗin cikin asusun kawai su koma gida. Kuɗin zai zauna ne ana cirar wata-wata daga cikinsa, uwa ba ta ragu da komai ba, ruwa na tafiya a kan adadinsa na da. Sai ka rubuta musu takarda cewa a rage uwar bashi da wannan kuɗi, ka faɗi hanyar da ka zaɓa, ka karɓi sabon jadawali a hannu. Kafin nan ka duba ko yarjejeniyarka ta sa wani caji a kan biya kafin wa'adi, a cire shi daga ribar da na lissafa.

Kuma kada ka ce bari sai baɗi. Dubu 300 ɗin nan, in ka kai ta bayan biya na 24, kimanin wata huɗu da rabi kawai za ta cire maka, ba shida ba.

Maman Sultan: Ni kuwa da ni ce ba zan kai musu ba. Azumi ya kusa, ɗinkin Sallah na tafe. Dubu 300 a shadda da zare da ƙarin yaro ɗaya a shago, kafin Sallah ta dawo da abin da ya fi haka. Banki ai ba gudu zai yi ba.

Malam Sani Akawu: Zai iya yiwuwa. Ma'aunin dai shi ne, kuɗin nan in ya shiga bashi yana kashe masa N7,500 a watan farko, tabbas, ba asara. In shagon zai kawo fiye da haka duk wata bayan an cire man janareto da kuɗin yara da waɗanda za su karɓi ɗinki su ce sai bayan Sallah, to maganarki ta fi tawa. Ni ban san shagon ba.

Ustaz Kabiru: Ni dai a ganina rage bashin ruwan ya fi, ko da shagon zai kawo ninki.

Baffa Panteka: Har yanzu ni ban ga dalilin da zai sa a ba mutum bashi ba a zaunar da shi an nuna masa wannan jadawalin ba. Malam ya yi bayani cikin minti goma, su shekara guda ba su yi ba.

Abban Hanifa: Baffa, don gaskiya sun ba ni. Yanzu na zaro fayil ɗin daga ƙarƙashin katifa, ga shi nan shafi na huɗu, layi 36, har da N34,903 ɗin a layin farko. Ni lambar wata-wata kawai na kalla na sa hannu. Na ga kuma wani sakin layi a kan biya kafin lokaci, da ƙananan rubutu, Turancin ya fi ƙarfina. Malam, in na kawo maka gobe bayan La'asar kana gida?

Malam Sani Akawu: Ina nan. Ka haɗo da takardar asusunka ta wata 12 ɗin, ina son in ga nawa suka sa maka a ranar farko, miliyan 2 cif ko an zaftare wani abu.

Abban Hanifa: Ai kuwa ba ta cika ba. N1,960,000 na gani, suka ce kuɗin aiki da inshora.

Malam Sani Akawu: To ka ga ruwan miliyan 2 kake biya a kan kuɗin da dubu 40 ɗinsa ba ta taɓa shiga hannunka ba. Kashi 30 ɗin ma ba 30 ba ne ke nan, ya ɗan haura 31. Kawo takardun mu gani.